Mutum huɗu sun karanta rubutun fim ɗina, kowa da inda ya ja ni

*Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala rubutun fim ɗina na farko, na ba mutum huɗu da nake ganin girmansu suka karanta. Kowa ya dawo mini da gyara, amma gyaran wani yana rushe na wani, kuma dukkansu da hujjarsu. Ta yaya zan gane wanne ne matsala ta gaskiya, wanne ne son ran mai karatu kawai?*

Wa'alaikumus salam, malam. Kafin ka taɓa ko da layi ɗaya na rubutun, ka raba kowace magana da aka faɗa maka gida biyu: abin da mai karatun ya ji a ransa, da maganin da ya rubuta maka. Idan mutum ya ce "tsakiyar fim ɗin ta yi sanyi, ka ƙara kishiya", abu biyu ya faɗa a numfashi ɗaya. Na farko shaida ce: a wani wuri hankalinsa ya bar takarda. Wannan ba ka da ikon musanta shi, domin shi ya san abin da ya faru da shi. Na biyu shawara ce, kuma daga aljihunsa ya ciro ta, daga irin fina-finan da yake so da irin labarin da shi zai rubuta da nasa ne. A shekarun da na yi ina duba wa mutane rubutu, na ga masu karatu ba su cika saɓawa a kan shaida ba. A kan magani suke rabuwa. Marubucin da bai raba biyun ba yana ganin mutum huɗu suna faɗa da juna, alhali sau da yawa wuri ɗaya suke nunawa da yatsa, kowa da harshensa.

Bari in ba ka labarin wani rubutu da ya zo hannuna, domin a aikace aka fi gane abin. Wata matashiyar marubuciya ce ta kawo shi, shafi 96, an buga shi bisa tsarin da aka saba na rubutun fim, wanda ake ƙiyasta kowane shafi a matsayin kusan minti ɗaya a kallo. Labarin wata mai ɗinki ce, Binta, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa namiji ɗan shekara tara. Yayan mijin ya ɗora hannu a kan shagon marigayin, ya ce na haɗin gwiwa ne. A shafi na 31 Binta ta tsinci takardar cinikin shagon a cikin akwatin mijinta, da sunansa shi kaɗai da sa hannun shaidu. Ba ta je kotu ba sai a shafi na 70.

Mutum biyar suka karanta. Daraktan da zai ɗauki fim ɗin ya ce tsakiya tana jan ƙafa, a yanke shafi goma tsakanin 40 da 60. Wata marubuciya ƙawarta ta ce a'a, an ma yi gaggawa ne, a ƙara fitowa uku ko huɗu da za su nuna halin da Binta take ciki, kuma jarumar ta cika sanyi, a sa ta yi faɗa tun da wuri. Furodusa ya ce a shigo da saurayin da zai nemi auren Binta, a samu gurbin waƙa. Wani dattijon malamin makaranta ya ce Binta ta yi rashin kunya a shafi na 62, inda ta ɗaga murya a kan yayan mijinta gaban mutane, kuma masu kallo za su juya mata baya. Na biyar, ɗalibin shari'a, bai ce komai a kan tsakiya ba, abin da ya tsaya masa hukuncin alƙali ne a shafi na 88. Yarinyar nan ta zo mini idonta ya yi ja, ta riga ta fara yanke wasu shafuka tana ƙara wasu a lokaci guda.

Na ce ta ajiye gyaran tukuna, ta ɗauko farar takarda ta ja layi huɗu: lambar shafi, wa ya yi maganar, me ya ji, wane magani ya bayar. Muka zuba duk maganganun a ciki, sai na sa ta naɗe takardar ta ɓoye layin magani gaba ɗaya. Abin da ya rage a fili shi ne: darakta ya gaji tsakanin 40 da 60, ƙawa ba ta gane Binta ba tsakanin 35 da 60, furodusa ya ji akwai gurbin da babu komai a cikinsa wajen shafi na 45, dattijo ya ji fitowa ta shafi na 62 ta faɗo masa daga sama. Mutum huɗu da ba su haɗu ba, duk sun yi tuntuɓe a cikin shafi talatin ɗin nan. Wannan ita ce alama ta farko kuma mafi ƙarfi. Idan ƙorafi ya taru a wuri ɗaya, ko da magungunan suna karo da juna, akwai abin da ya karye a wajen. Son rai warwatse yake, wannan ya ƙi sunan jarumi a shafi na 3, wancan ya ƙi barkwanci a shafi na 50.

To amma inda ruwa yake ɗiga a ɗaki ba lallai nan ne kwano ya huje ba. Ruwan yakan shiga ta ramin ƙusa can sama, ya bi katako, ya zo ya ɗiga a kan gado. Haka rubutu yake. Mai karatu yana gaya maka inda ya jiƙe, kai ne za ka hau sama ka nemo ramin, kuma kusan kullum yana can baya, kafin a zo wurin da aka nuna. Sai na tambayi marubuciyar tambaya ɗaya: Binta tana da takarda a hannu tun shafi na 31, me ya hana ta zuwa kotu washegari? Nan take ta amsa ba tare da tunani ba. Ta ce ai ɗanta yana gidan yayan mijin tun bayan sadakar bakwai, shi yake biya masa kuɗin makaranta, kuma Binta ta san ranar da ta kai ƙara, ranar za a hana ta ganin yaron. Na ce ta nuna mini shafin da aka faɗi haka. Ta yi ta buɗe takardu, can sai ta tsaya. Fitowar da ta ƙunshi wannan tana cikin rubutun farko, ta cire ta a zagaye na biyu saboda tana ganin ta yi tsawo. Dalilin yana nan daram a kanta, shi ya sa duk lokacin da ta karanta take ganin komai daidai. A kan takarda kuwa babu shi.

Ka ga yadda ramin ƙusa ɗaya ya jiƙa mutum huɗu. Darakta yana kallon mace da makami a hannu ta ƙi amfani da shi, don haka duk fitowar da ta biyo baya jira ce a wurinsa, sai ya kira ta jan ƙafa. Ƙawa ba ta ga abin da yake cin Binta ba, sai ta kira shi sanyi da gaggawa. Furodusa ya ji babu abin da yake riƙe mai kallo, sai ya miƙo abin da ya saba gani yana riƙe mutane. Dattijo bai ga wata uku na haɗiye baƙin ciki ba, sai ya ga tsawa ba tare da hadari ba. Da ta bi darakta ta yanke shafi goma, da fim ɗin ya gajarta kuma tambayar tana nan. Da ta bi ƙawa ta ƙara fitowa huɗu na kuka, da darakta ya ƙara gajiya.

Gyaran da aka yi bai kai shafi biyu ba. A shafi na 33 Binta ta je gidan yayan mijin da takardar a ƙulle a bakin zaninta. Kafin ta buɗe baki, ya kira yaron ya zaunar da shi a gefensa, yana shafa kansa, yana faɗa mata cikin sanyin murya cewa ya biya kuɗin zango mai zuwa, kuma yaro ba ya jin daɗin karatu idan manya suna shari'a. Ba ta ce komai ba. Ta gaishe shi, ta taɓa bakin zanin, ta tashi. Bayan wannan an rage shafi uku a tsakiya, inda ake maimaita abu ɗaya, kuma ba a taɓa fitowa ta shafi na 62 ba ko da kalma ɗaya. Da dattijon ya sake karantawa, cewa ya yi ai ta ma yi haƙuri. Wannan ita ce hanyar da za ka tabbatar ka samo ramin: gyara ɗaya ƙarami ya kashe ƙorafi da yawa, har da na wuraren da ba ka taɓa ba. Idan kuwa ka ga kowane ƙorafi yana neman nasa facin daban, ba ka kai ga tushen ba tukuna.

Yanzu ɗalibin shari'a. Shi kaɗai ya yi maganarsa, mutum huɗu ba su ko lura ba, kuma da ƙuri'a ake yi da an watsar da shi. A shafi na 88 alƙali ya raba shagon, ya ba Binta rabi, ya ba yayan mijin wani kaso a matsayin ɗan'uwan mamaci. Ɗalibin ya ce wannan ba zai fito daga bakin alƙalin kotun Musulunci ba: matar da mijinta ya bar ɗa tana samun ɗaya bisa takwas ne, kuma ɗa namiji yana katange 'yan'uwan mamaci daga gado baki ɗaya. Gaskiyarsa ce, kuma ba ya buƙatar kowa ya mara masa baya. Akwai nau'in gyara da ake iya tabbatar da shi a wajen ran mai karatu, ko dai daga cikin rubutun kansa ko daga duniya. Jaruma ta san sirri a shafi na 50 alhali ba a gaya mata ba sai a 64. An ce mijin ya rasu wata biyu da suka wuce amma ana ɗaura wa matar aure, alhali takaba wata huɗu ce da kwana goma ga wadda ba ta da ciki. Irin wannan, mutum ɗaya ya isa. Ina jaddada maka wannan sosai domin masu kallonmu sun san gado da takaba da idda tun daga gida da islamiyya, kuma ranar da suka kama ka da kuskure a nan, sun daina yarda da sauran labarin. Don haka kada ka ƙidaya baki kawai. Ka tambayi kowane gyara: za a iya nuna shi da yatsa a kan shafi, ko a bincika a tabbatar?

Shi kuwa son rai, yana da alamunsa da za ka saba da su. Yakan fara da "da ni ne". Ba ya iya faɗin shafi. Idan ka ce a ina, sai a ce maka gaba ɗaya dai. Kuma idan ka bi shi, ba ya gyara labarinka, wani labarin yake haifarwa. A rubutun nan an yi gardama a kan ƙarshe. Ƙawar tana son a ɗaure yayan mijin, dattijo yana son a yi sulhu a rungumi juna, marubuciyar kuma ta rufe da Binta tana buɗe shagon da safe, yaron yana share ƙofa, ba a sake nuna yayan mijin ba. Na tambayi kowannensu: ka gane abin da ya faru? Ka yarda Binta za ta iya yin haka? Akwai abin da aka yi maka alkawari a farko ba a cika ba? Duk suka ce sun gane, sun yarda, babu. Ba su dai so ba ne. To a nan abincin wani gubar wani ne, kuma mai rubutu ce take da zaɓi. Da ɗayansu ya ce an shafe fim ɗin ana nuna mana yayan mijin yana sayar da kayan shagon a ɓoye kuma ba a dawo kan maganar ba, da wannan ya zama zare da aka saki, ya fita daga son rai.

Bambancin da nake so ka riƙe yana tsakanin "ban gane ba", "ban yarda ba", "na gaji" a gefe ɗaya, da "ban so ba" a ɗaya gefen. Ukun farko rahoto ne cewa abin da ka yi niyya bai isa ga mai karatu ba. Na huɗu yana iya nufin ya isa sarai, bai dai yi masa daɗi ba. Wani lokaci ma rashin daɗin shi ne manufar. Idan ka rubuta fitowar da uba ya wulaƙanta 'yarsa don mai kallo ya ji ɗaci, mutum uku suka ce ta yi ɗaci ka sassauta, to aikinka ya ci ne. Amma ba za ka iya yin wannan awo ba sai ka san niyyarka. Ka rubuta a jimla biyu ko uku wa labarin yake bi, me yake so, me ya tare masa hanya, da abin da kake so mai kallo ya ji idan an gama. Ka ajiye ta a gefe. Duk gyaran da ya ce rubutun bai kai ga wannan ba, naka ne. Duk wanda ya ce a canja wannan ɗin, shawara ce a kan wani fim.

Mutane ba sa zuwa da shaidarsu a ware, kai ne za ka tono ta, kuma yadda ka yi tambaya yana da muhimmanci. Kada ka tambaya ko ya yi kyau. Ka koma wurin kowannensu shi kaɗai, ka ce: a wane shafi ka fara ajiye takardar ka duba waya? A shafi na 45, me jarumin yake nema? Ba ni labarin da bakinka a minti biyu. Wannan ta ƙarshe ta fi duka amfani. Abin da ya tsallake a ba da labarin bai zauna masa ba, abin da ya ƙara daga kansa kuma gurbi ne ka bari ya cike. Kuma idan yana magana kada ka kare kanka. Da zarar ka ce "ai abin da nake nufi shi ne", ka zuba masa abin da ke kanka, ka lalata shaidar, kuma ranar kallo ba za ka zauna kusa da kowane mai kallo kana yi masa bayani ba.

Ka kuma bincika ko masu karatun naka sun yi magana da juna. Idan a zaure ɗaya na WhatsApp aka tattauna rubutun, babba ya fara magana saura suka bi, to bakuna huɗun nan baki ɗaya ne. A wurinmu ma abin ya fi ƙarfi, saboda ƙarami ba ya son saɓa wa na gaba da shi a bainar jama'a. Taruwar ƙorafi a wuri ɗaya tana zama hujja ne kawai idan kowa ya karanta shi kaɗai. Haka nan ka auna kowa a fagensa. Darakta ya fi kowa jin inda tafiya ta tsaya, amma maganinsa kusan kullum almakashi ne. Marubuci ɗan'uwanka yana ganin ginin labari, amma hannunsa yana ƙaiƙayin ya rubuta nasa. Wanda ba ɗan sana'a ba, kamar innarka ko mai shagon unguwa, ba zai iya gaya maka dalili ba, amma idan ya ce nan ya ɓace, to ya ɓace ɗin.

Akwai kashi na uku da ba matsala ba ne kuma ba son rai ba ne, shi ne sharaɗi. Idan furodusa ya ce fitowar kasuwa da mutum ɗari ba za ta ɗauku da kuɗin da ke hannu ba, ko jarumar kwana shida kawai za ta ba su a lokeshin, ko wata fitowa ba za ta wuce Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ba, ba yana cewa rubutunka ya karye ba ne, iyakar filin yake nuna maka. Wannan ba a gardama da shi a kan kyau ko muni, ana neman hanyar da za a ba da ma'ana ɗaya a cikin iyakar. Abin lura shi ne son ran mai kuɗi yakan sa rigar sharaɗi. Furodusan nan ya dage a kan saurayi da waƙa, yana cewa kasuwa ce take so. Marubuciyar ba ta ce masa a'a ba. Ta ce ya ba ta mako ɗaya ta magance sanyin da ya ji a tsakiya, idan ya karanta bai gamsu ba sai a koma kan shawararsa. Ta kuma nuna masa cewa a shafi na 45 Binta tana cikin takaba, neman aure a fili a wannan lokaci zai jawo musu surutu. Ya karanta sabon, bai sake ta da maganar ba. Ba kullum ake dacewa haka ba. Wani zai dage, kuma kuɗinsa ne, sai ka yanke wa kanka ko za ka iya zama da canjin. Amma ko a nan yana da kyau ka san cewa ciniki kake yi, kada ka yaudari kanka cewa gyara ne.

A kamfanin Pixar na Amurka akwai wani zama da manyan masu ba da labari suke yi a kan fim ɗin da ake kan haɗawa, suna faɗin duk abin da suka gani ba sassauci, amma ƙa'idar zaman ita ce ba su da ikon tilasta wa darakta magani. Nasu nuna inda yake ciwo, nasa nemo abin yi. Ka ɗauki masu karatunka a wannan matsayi ko da su ba su ɗauki kansu haka ba.

Bayan ka yi gyaran, kada ka mayar wa mutum huɗun nan kaɗai. Sun riga sun san labarin, kuma kowa zai buɗe ne yana neman ko an bi tasa. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu da ba su taɓa ganin rubutun ba, kada ka gaya musu abin da aka ce a baya, ka yi musu tambayoyin nan guda uku. Idan da hali, ka tara abokai ka raba musu matsayi su karanta da baki daga farko zuwa ƙarshe, kai kana gefe da biro ba ka karanta kowa, kana sa alama a duk inda aka fara motsi a kujera ko mai karatu ya yi tuntuɓe a kan layi. Idan sababbin sun wuce wurin da tsofaffin suka tsaya ba tare da sun lura ba, ka rufe wannan babin. Idan sun sake tsayawa a nan, ka koma baya da shafi goma ko ashirin daga wurin, ka bi jarumin fitowa bayan fitowa kana tambaya me ya sani a nan, me yake so, me ya hana shi, kuma kowace amsa ka nemo layin da ya faɗe ta a kan takarda.